Na san osmosis da difiyushan, amma makina ba ya cika

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, kuma jarrabawar bayoloji ta matso. Na haddace ma'anar osmosis da ta difiyushan, a aji ma ni ce nake yi wa ƙawayena bayani, amma a takarda ba na wuce rabin maki. A gwajin da ya wuce an ce an saka yankin dankali mai nauyin giram 2.50 cikin ruwan sukari mai kauri, bayan awa 2 ya koma giram 2.10, a bayyana dalili, maki 4. Na rubuta: "Dankalin ya rage nauyi saboda osmosis. Sukarin ya tsotse ruwan dankalin daga inda kauri ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, sai ya yi laushi." Maki 1 aka ba ni. Ina kuskurena, kuma yaya zan gyara?

Wata ɗaliba

Wa alaikumus salam, 'yata. Da alama makin nan guda kin same shi ne saboda kin ambaci sunan osmosis, sauran ukun kuwa sun zube ne a wuraren da kika san abin amma ba ki rubuta shi a fili ba. Mai duba takarda ba ya auna abin da ke cikin kanki. Yana riƙe da takardar da aka jera masa gaɓoɓin amsa, kowace gaɓa da makinta, kuma aikinsa shi ne ya nemi kowace ɗaya a cikin rubutunki, idan ya gan ta ya ba ki, idan bai gan ta ba ya wuce. Ba a ba shi damar ya ce ai yarinyar nan ta fahimta, abin da take nufi ke nan. Saboda haka lambar da aka rubuta a gefen tambaya ita ce abin da za ki fara kallo: maki 4 na nufin ana jiran maganganu huɗu mabambanta, kuma maimaita magana ɗaya ta fuskoki huɗu ba ya ƙara komai.

A tambaya irin taki, gaɓoɓin da aka saba nema kusan ba sa canzawa. Ana so ki faɗi abin da ya motsa, ki faɗi daga ina zuwa ina tare da kwatanta ɓangarorin biyu, ki faɗi ta cikin me ya bi, sannan ki ambaci sunan hanyar. Hukumomin jarrabawa sun ɗan bambanta wajen raba makin, wata takan haɗa biyu a maki ɗaya ta ƙara neman sakamakon abin a kan ƙwayar halitta, wato sel, amma wanda ya rubuta waɗannan duka ba zai yi asara ba a ko'ina.

Abin da ya motsa ruwa ne, kuma dole kalmar ruwa ta zama ita ce mai aiki a jimlarki. Da kika ce sukari ya tsotse, kin ɗora aikin a kan sukari, alhali sukarin bai je ko'ina ba kuma ba shi da bakin tsotsa. Ƙwayoyin ruwa ne suke kai-kawo da kansu ta cikin tantanin sel, wasu na shiga wasu na fita a kowane lokaci, sai dai masu fita sun fi masu shiga yawa. Wannan rinjayen shi ake nufi da osmosis, kuma shi ya sa cikakkiyar ma'anarsa take magana a kan tafiyar da ta yi rinjaye, ba tafiya ta hanya ɗaya kawai ba. Akwai kuma waɗanda suke rubuta cewa ruwan sukari ne ya shiga ko ya fita. Wannan ma ana ƙin sa, domin ruwan sukari ya ƙunshi ruwa da sukari, kuma a osmosis sukarin ba ya ƙetarewa.

Inda kika fi yin asara shi ne maganar kauri, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne mafi yawan ɗalibai suke faɗuwa. Kauri shi ne yawan wani abu a cikin ma'auni ɗaya, don haka duk lokacin da aka ambace shi sai an faɗi kaurin mene ne. Kin rubuta "daga inda kauri ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan" ba ki ce na me ba. Mai duba takarda zai ɗauka kina nufin kaurin sukari, tunda shi tambayar ta ambata, kuma idan haka ne jimlarki ta juya gaskiya baibai: ruwa yana barin inda narkakken abu ya yi kaɗan ne ya nufi inda ya yi yawa. Wataƙila a zuciyarki yawan ruwa kike nufi, kuma da kin rubuta haka da wasu hukumomin sun karɓa. Matsalar ita ce kin ɗauko jimlar difiyushan kin saka wa osmosis ba tare da gyara ba. A difiyushan abin da ake auna kaurinsa shi ne yake tafiya, don haka jimlar tana tsayawa da ƙafarta. A osmosis kuwa abin da aka saba auna kaurinsa, wato sukari ko gishiri, shi ne yake zaune, ruwa ne yake tafiya. Wannan rikitacciyar jimlar ce ma, a ganina, ta hana a yi miki sassauci kan maganar fitar ruwa, domin idan amsa ta ƙunshi daidai da kishiyarsa a kan gaɓa ɗaya, ƙa'idar dubawa ita ce a hana makin.

Akwai hanya biyu ta tsira daga wannan. Ta farko ita ce ki ce ruwa ya tashi daga tsinkakken haɗi zuwa haɗi mai kauri, sannan ki nuna wanne ne wanne. Ta biyu, wadda na fi so idan tana cikin manhajarku, ita ce amfani da fotenshiyal na ruwa, wato ma'aunin yadda ruwa yake da damar barin wuri. Amfaninsa shi ne yana mayar da osmosis kan tsari ɗaya da difiyushan: ruwa yana tafiya daga fotenshiyal mai yawa zuwa mai ƙaranci, kullum, ba togiya. Zallan ruwa shi ne yake da mafi girma, an sanya shi sifili, kuma duk abin da aka narkar a ciki yana sauke shi ƙasa da sifili. Idan an ba ki lambobi sai ki kula, domin −200 kPa ya fi −600 kPa girma, ruwa zai tashi daga na farko zuwa na biyu. Ki duba manhajarku da tsofaffin takardun maki na hukumar da za ta jarraba ku, ki ga wace hanya suke karɓa, sannan ki riƙe ɗaya. Kada ki gauraya su a jimla guda.

Ko da kin zaɓi kalmomin daidai, ma'ana da aka haddace ba ta wadatar a tambayar da ta kawo misali. Dole ki sa sunayen abubuwan da ke cikin tambayar: wane ɓangare ne yake da fotenshiyal mai yawa, dankalin ko ruwan sukarin? Kuma ki yi amfani da kalmar kwatanci. "Ruwan sukarin yana da fotenshiyal kaɗan" magana ce rabi, domin kaɗan idan an kwatanta da me? "Fotenshiyal na ruwan sukarin bai kai na cikin sel ɗin dankali ba" ita ce cikakkiya.

Gaɓa ta uku, wadda babu ita sam a amsarki, ita ce tantani. Osmosis ba ya faruwa sai akwai tantanin da yake barin ƙananan ƙwayoyi irin na ruwa su wuce, ya tare manya irin na sukari, kamar yadda rariya take sakin gari ta riƙe tsaki. Ambaton tantani kawai bai isa ba, sai kin siffanta shi da cewa mai barin wasu ne ya hana wasu, da ainihin lafazin da littafinku ya yi amfani da shi. Kuma ki rarrabe shi da bangon sel. Bangon yana barin ruwa da narkakken abu duka su wuce, saboda haka wanda ya rubuta cewa osmosis ya faru ta bangon sel ya rasa makin, ko da sauran jimlar tasa ta yi kyau.

Ga yadda amsar za ta kasance idan an haɗa su: "Fotenshiyal na ruwa a cikin sel ɗin dankali ya fi na ruwan sukarin. Saboda haka ruwa ya fita daga sel ɗin zuwa ruwan sukarin ta hanyar osmosis, ta cikin tantanin sel mai barin wasu abubuwa ya hana wasu. Fitar ruwan ce ta rage nauyin dankalin." Jimla uku ce, tsawonta bai fi taki da yawa ba, kuma za ki iya ɗora yatsa a kan kowace gaɓa ki ƙirga. Ki lura na rufe da komawa kan abin da aka tambaya, wato nauyi. Laushin da kika ambata gaskiya ne, amma ba shi aka tambaya ba, don haka bai kawo komai ba. Da an tambayi abin da ya faru da sel ɗin, a lokacin ne za ki ce matsin da ke cikinsu ya ragu sun saki, kuma idan fitar ruwan ta yi yawa tantanin yakan janye daga jikin bango, abin da ake kira filazmolisis.

Wannan gwajin na dankali yana zuwa da wasu ƙananan tambayoyi da suke biye da shi, kuma makinsu yana da sauƙin samu ga wanda ya shirya. Sau da yawa ana cewa a lissafa canjin nauyi cikin ɗari, da wannan ƙa'ida:

(nauyin ƙarshe − nauyin farko) ÷ nauyin farko × 100

A misalinki, 2.10 a cire 2.50 ya ba da −0.40, a raba da 2.50 ya ba da −0.16, a ninka da 100 ya zama −16%. Kurakurai biyu ne suke cin maki a nan: raba wa da nauyin ƙarshe maimakon na farko, da mantawa da alamar ragi. Idan ba ki sa alamar ba, to ki rubuta da kalmomi cewa raguwa ce. Ki kuma nuna aikin lissafin, domin sau da yawa ana ba da maki ga hanyar ko da amsar ƙarshe ta kauce. Idan aka tambayi dalilin amfani da kaso cikin ɗari, amsar ita ce yankunan dankalin ba su fara da nauyi ɗaya ba, kuma kason ne yake ba da damar kwatanta su. Idan aka tambayi dalilin goge su da takarda kafin awo, ki ce don a cire ruwan da ya manne a bayansu, wanda zai ƙara nauyin da ba na osmosis ba.

Galibi ana jera haɗin sukuros, wato sukarin da muke sha, daga 0.0 zuwa 1.0 mol/dm³, ana ƙara 0.2 kowane mataki, a zana sakamakon a giraf. Layin yana farawa sama da sifili, inda dankali ya sha ruwa ya ƙara nauyi, ya gangaro ya ƙetare layin sifili, ya ci gaba ƙasa. Tambayar da ake so a yi a kai ita ce wurin ƙetarewar. A nan ɗalibai da yawa suke rubuta cewa ruwa ya daina motsi, kuma wannan ba daidai ba ne. Ruwa yana ci gaba da shiga da fita, sai dai masu shiga da masu fita sun yi daidai, babu rinjaye, domin fotenshiyal na ciki da na waje sun zama ɗaya. Abin da ake ba wa maki shi ne "babu rinjayen tafiyar ruwa". Kalma ɗaya ce ta raba amsar da ta ci da wadda ta faɗi.

Haka tsarin yake idan aka kawo sel ɗin dabba, sai dai ƙarshen ne yake canzawa. Jajayen ƙwayoyin jini idan aka saka su a zallan ruwa, ruwa yana shiga ta osmosis har su kumbura su fashe, kuma makin ƙarshe yana kan dalilin: ba su da bango da zai jure matsin. Sel ɗin tsiro a cikin ruwan nan ɗaya yana cika ya yi tauri, bangon ya tokare shi, ba ya fashewa. A ruwan gishiri mai 0.9% kuwa jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba sa canza girma, domin ya yi daidai da na cikinsu. Duk tambayar da ta ajiye sel ɗin tsiro kusa da na dabba, ki san cewa bango ake so ki ambata.

Difiyushan ya fi sauƙi, amma shi ma yana da wuraren zamewa. Ma'anarsa ita ce rinjayen tafiyar ƙwayoyin abu daga inda kaurinsu ya fi yawa zuwa inda ya fi ƙaranci, sakamakon motsinsu na barkatai. Ba ya buƙatar tantani, ko da yake yana iya faruwa ta cikinsa, kuma wannan ne babban bambancinsa da osmosis, tare da cewa osmosis na ruwa ne kaɗai. Idan aka ce a kwatanta su, kowace jimla ta ɗauki ɓangarorin biyu. Wanda ya rubuta "osmosis yana buƙatar tantani" ya yi shiru, ya bar mai dubawa ya ƙarasa masa, kuma ba lallai ne a ƙarasa ba.

Ɗauki misalin tambayar da ta ce a bayyana yadda oksijin yake shiga jini a huhu, maki 3. Amsar da za ta ci duka ita ce: "Kaurin oksijin a cikin jakunkunan iska na huhu ya fi na cikin jinin da ke ƙananan jijiyoyi. Saboda haka oksijin yana ratsawa daga jakunkunan zuwa jini ta hanyar difiyushan. Numfashi yana kawo sabuwar iska, gudun jini kuma yana kwashe oksijin ɗin da ya shiga, don haka bambancin kaurin ba ya gushewa." Tsarin ɗazu ne: sunan abin da ya motsa, wurare biyu da sunayensu, kwatanci, sunan hanya. Ki guji cewa iska ce ta shiga jini, domin iska gauraye ce, oksijin ake nufi. Ki kuma guji cewa jiki ne yake buƙatar oksijin shi ya sa ya shiga. Buƙata ba ta motsa ƙwayar komai, bambancin kauri ne yake sa rinjayen ya karkata.

Idan aka tambayi abin da yake ƙara saurin difiyushan, ambaton abin kawai rabin amsa ne. Zafi yana ƙara sauri domin ƙwayoyin suna samun ƙarin kuzarin motsi, suna tafiya da sauri. Faɗin fuskar da ake ratsawa yana ƙarawa domin ƙwayoyi da yawa suna iya ƙetarewa a lokaci guda. Sirantar bango tana ƙarawa domin tazarar da za a ratsa ta gajarce. A kan wannan na ƙarshe akwai tarko: bangon jakar iska ta huhu kaurinsa na sel ɗaya ne, amma idan kika rubuta cewa "bangon sel" ɗinta siriri ne kin yi kuskure, domin sel ɗin dabba ba shi da bango. Haka nan maganar kuzari. Ana cewa difiyushan da osmosis ba sa cin kuzari, amma abin da ake nufi shi ne sel ba ya kashe kuzarin da ya samu daga ƙona abinci domin su. Ƙwayoyin da kansu suna da kuzarin motsi, da ba su da shi da babu abin da zai gusa. Ki rubuta cikakkiyar maganar, musamman idan ana kwatanta su da sufurin da sel yake yi da kuzarinsa, wanda yake kai abu daga inda ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa.

Akwai kuma kalmar umarni da ke farkon tambaya. Idan an ce a siffanta abin da aka gani, ana neman abin da ya faru ne da lambobinsa: nauyi ya ragu daga kaza zuwa kaza, raguwar ta fi yawa a haɗi mafi kauri. Idan an ce a bayyana dalili, lambobin ba za su kawo maki ba, sai "saboda". Ɗalibi yakan cika layi biyar da kyakkyawan bayanin osmosis a ƙarƙashin tambayar siffantawa ya fita da sifili, ba don ya faɗi ƙarya ba.

Abin da nake ba ki shawara ki yi kafin jarrabawa shi ne wannan. Ki ɗauki tsohuwar tambaya, ki rubuta amsa ba tare da duba littafi ba, sannan ki ɗauki biro mai wani launi ki ja layi a ƙarƙashin kowace gaɓa ki sa mata lamba. Idan tambayar ta maki 4 ce kuma lambobinki sun tsaya a 3, akwai abin da kika bari a kanki, kuma yawanci tantani ne ko kwatanci. Daga nan ki bi amsar ki nemo kowace "shi" da "ita" da "abin", ki maye gurbinsu da suna, domin "ya fita" bai faɗi ko ruwa ne ko sukari ba. Ki nemo kowace kalmar kauri ki tabbata na kusa da ita ya faɗi na mene ne.

Domin ki gwada kanki, ga tambayar da ake yawan kawowa don a rarrabe mai hadda da mai fahimta: an maimaita gwajinki da yankin dankalin da aka tafasa tukuna, sai nauyinsa bai canza sosai ba, a bayyana dalili, maki 2. Ki rubuta taki kafin ki karanta tawa. Gaɓa ta farko ita ce zafin tafasa ya lalata tantanin sel, ya daina tare komai. Ta biyu ita ce tunda babu tantani mai barin wasu ya hana wasu, osmosis ba zai faru ba, sukarin ma yana iya ratsawa cikin dankalin ta difiyushan. Wanda ya rubuta cewa dankalin ya mutu kawai bai yi ƙarya ba, amma bai ambaci tantani ba, kuma a kan tantanin aka ɗora makin.